Sallamar da Baba Yake Amsawa da Baki

A gidanmu na Kwandiko ba a shiga zauren Baba da guntuwar sallama. Tun muna yara, idan ka faɗo a guje ka ce "salamalekum" kana haɗiye rabinta, zai amsa maka dai, amma sai ya nuna maka ƙofa da carbinsa, ka koma waje ka sake shigowa kamar mutum. Baba malamin zaure ne, kamar yadda mahaifinsa ya kasance. Da safe yaran unguwa, bayan la'asar manya masu ɗaukar littattafai, da damina kuma gona kamar kowa. Larabci da ajami su ne gidansa. Boko kuwa da furfurarsa ta fara fitowa ya koye shi a ajin yaƙi da jahilci, kuma har yau yana karanta shi a hankali, harafi bayan harafi, kamar mai taka kududdufin da bai san zurfinsa ba.

Ni ce babba a ɗakin Inna. Na yi karatun koyarwa, na yi aure a Birnin Kudu, ina koyar da Hausa a wata firamare. Shi ya sa nake da ƙaiƙayin gyaran rubutu, ko a allon mai shayi na ga kuskure sai raina ya sosu. Ƙanena da ke bi na shi ne namiji ɗaya a ɗakinmu, kuma shi kowa ya ɗauka zai gaji buzun Baba. Ya sauke Alƙur'ani da wuri, muryarsa da daɗi, amma hannunsa ya fi son aiki. Wata shekara bayan an gama kaka ya ce zai bi abokansa Abuja ya koyi shimfiɗa tayil. Baba bai hana shi ba, bai kuma ce ya yarda ba. Abin da ya ce kawai shi ne Allah ya tsare hanya, ya mayar da idonsa kan littafi. Ƙanena ya tafi da wannan shirun a zuciyarsa, kuma daga shekarar farko da ya zo sallah ya ga wani ɗalibin Baba ne ke zama a gefen buzu yana biya wa yara, bai sake zuwa gida ba.

Kunnen Baba ya yi nauyi, don haka kiran waya azaba ne gare shi da mai kiran. Kai kana ihu, shi yana cewa "Na'am? Wa ke magana?", ga sabis ɗin ƙauye da ke zuwa yana tafiya. Da maigidana ya saya masa 'yar ƙaramar waya mai maɓallai, irin wadda yara ke wa laƙabi da rakani-kashi, sunan da ba a faɗa a gabansa, sai ya gano saƙon tes, ya kuma riƙe shi da hannu biyu. Ya ce wannan ita ce wasiƙar da ba ta jiran direban mota.

Sai dai Baba ba ya gaggawa. Idan na rubuta masa "Assalamu alaikum, Baba ina kwana", zan iya gama darasi guda kafin amsa ta iso, domin a wayarsa sai ka danna maɓalli ɗaya har sau huɗu kafin harafin s ya fito, shi kuma ba ya rage ko harafi. Amsar kullum ita ce "Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi". Idan na kai tawa har rahmatullahi, sai ya ƙara "wa barakatuhu". Ƙa'idarsa ita ce ta Alƙur'ani: in an gaishe ka, ka mayar da wadda ta fi, ko ka mayar da irinta. Ranar da na ce bari in gwada shi na rubuta duka har barakatuhu, sai ya mayar mini da ita cif, ya bi ta da "Allah ya yi miki albarka". Ba a cin Baba a wannan fage.

A lokacin nan rigimar yadda ake rubuta waɗannan kalmomi ta yi zafi a wurinmu. A ɗakin malamai muna da guruf na hira a waya, kuma kowa da mazhabarsa. Mafi yawa "Assalamu alaikum" suke rubutawa, kuma ita ce ba wanda ke ɗaga wa gira. Akwai masu "Salamu alaikum" yadda ake faɗa a bakin ƙofa, akwai masu "Salam" kawai. Waɗanda suka yi karatun Larabci a jami'a sukan sa "alaykum" da y, wai ta fi kusa da asali. Matasa kuwa ba su da lokacin kowa: "Slm", "Aslm", a amsa musu da "Wslm". "Amin" ta zama "Ameen" a hannun duk wanda ya sha Turanci, har da masu jera e kamar ana biyansu. "Jazakallahu khairan" ta koma "Jzk". Ni dai duk wanda ya aiko mini "Jzk" nakan tambaye shi ko sunan magani ne.

Babbar rigima ita ce ta "insha Allah". Wani saƙo ya yi ta yawo daga waya zuwa waya yana gargaɗin cewa duk wanda ya haɗe "in" da "sha" ya sauya ma'ana, ta koma wata kalmar Larabci mai nufin ƙirƙira, don haka dole a rubuta "in sha Allah" a rarrabe. Wata abokiyar aikina ta ɗauki abin da zafi, duk wanda ya haɗe sai ta bi shi da dogon wa'azi. Da na je gida na kai wa Baba ƙara. Ya sa na rubuta masa su duka a bayan wata takarda: "insha Allah", "inshallah", "in sha Allah", "in sha Allahu". Ya daɗe yana dubawa. Ya ce a Larabci kalmomi uku ne, don haka rarrabewar ta fi kyau, shi ma haka yake yi, da u ɗinta a ƙarshe kamar yadda Bahaushe ke faɗa. Amma ya ce baƙaƙen boko rigar aro ce aka sa wa Larabci, ba su da harafin aini ba su da ha ƙarami, kuma Bahaushen da ya rubuta "insha Allah" ba abin da ke ransa sai "in Allah ya so". Ya ce in gaya wa malamar ta gyara wa mutane da sauƙi, kada ta tura su wuta a kan tazarar da ba ta kai ƙwayar gero ba.

Haka yake a sauran. Shi "Alhamdu lillahi" yake rubutawa, amma bai taɓa cewa "Alhamdulillah" kuskure ba ce, ya san ita ta fi yawa a hannun mutane. "Masha Allah" ba ta dame shi. Idan zai gode mini sai ya rubuta "Jazakillahu khairan" da ki, saboda ni mace ce, ko da yake kowa "Jazakallahu" yake aika wa kowa. Abubuwa biyu ne na san yana ƙi: a rubuta sunan Allah da ƙaramin harafi, da a guntule salati ko sallama. Yakan ce wanda ya yi rowar haruffa a salati, me zai bayar kuma?

To, ƙanena ɗan "Slm" ne na gaske. Duk saƙon da ya taɓa aiko mini da ita yake farawa. "Slm yaya ya gd." Na yi faɗa har na gaji. Ya ce in zo in ga yatsunsa bayan ya wuni cikin siminti, sannan in yi masa maganar wasali. Na bar shi, don mai neman abinci ba a cika masa ciki da nahawu.

Wata ranar Asabar cikin damina ya kira ni. Muka gaisa, ya tambayi yara, na tambayi aiki. Sai na ce masa Inna na ta cigiyarsa, ta ce ko bana ma ba zai zo a yanke gero da shi ba. Ya ce da wace fuska zai zo. Ya ce tun da ya tafi ba Juma'ar da ba ya aika wa Baba gaisuwa, kuma Baba bai taɓa mayar masa da ko harafi ɗaya ba. Ya san Baba na amsa mini, ya san yana amsa wa ɗalibansa, har wani abokinsa da ke Zandam ya nuna masa doguwar amsar da Baba ya yi masa.

"Yaya, mutumin da ba ya amsa sallamarka ai ya gama magana," in ji shi. "Baba bai yafe mini ba."

Maganar ta soke ni. Ban taɓa sanin yana aikawa ba, ban kuma taɓa sanin ba a amsawa ba. Na tambaye shi me yake rubutawa. Ya ce abin da kowa ke rubutawa mana, "Slm Baba brk da jumaa". Nan take na ce a raina na gano bakin zaren. Na tuna carbin nan da ke nuna ƙofa. Wato Baba ya mayar da yaron waje ne ya sake sallama, shi kuma yana can tsaye a bakin ƙofa shekara da shekaru bai san abin da ake jira ba. Raina ya ɓaci da su duka biyun, amma ya fi ɓaci da Baba. Horon yaro ɗan shekara bakwai daban, horon magidanci da ke wata uwa duniya daban. Ban gaya wa ƙanena abin da nake zato ba, na ce masa dai ya ba ni mako guda.

Ranar Alhamis bayan an tashi makaranta na ɗauki izinin Juma'a, na hau motar Gwaram, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Gero ya yi kai, hanya duk laka, na isa zanena ya yi kaca-kaca. Inna ta ga fuskata ta ce lafiya, na ce lafiya lau, kewa ce. Ba ta yarda ba, amma ta zubo mini ɗanwake.

Na kwana ina shirya maganar da zan yi wa Baba. A gidanmu ba a tuhumar uba, sai dai a kewaya. Na shirya zan fara da tambayar hukuncin wanda aka yi wa sallama a rubuce, in bar shi ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa. Har ina jin daɗin dabarata.

Da hantsi, Baba na zaune a tsakar gida a kan tabarma yana yanke farce kafin ya yi wankan Juma'a, Inna na tsince zogale, ni ina dama fura. Sai wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ajiye reza, ya goge hannu, ya sa tabarau, ya nisanta wayar daga fuskarsa yadda yake yi. Na ga leɓensa na motsi. Sai ya gyara zama, ya ɗaga murya kamar mai amsa wa wanda ke tsaye a ƙofar gida.

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Barka kadai. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka, ya sa ka gama da duniya lafiya."

Inna ta ce amin ba tare da ta ɗago daga zogalenta ba. Baba ya ɗan ƙara kallon wayar, ya mayar aljihu, ya ɗauki rezarsa.

Ludayin ya tsaya a hannuna. Na tambayi Inna a hankali wa ake amsa wa. Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan garinmu. Ta ce ɗan'uwanki mana, ai duk Juma'a sai ya gaishe da Malam, Malam kuma ya amsa. Ta ce wani lokaci ma tun safe yake ta taɓa aljihu, in saƙon ya makara har sai ya ce a duba masa ko cajin ne ya ƙare. Inna ba ta karanta boko ba, ba ta taɓa riƙe waya ba. A wurinta an yi sallama an amsa, magana ta ƙare.

Duk dabarar da na kwana ina ƙullawa ta warware. Na matsa kusa da Baba, na ɗaga murya saboda kunnensa, na tambaye shi kai tsaye me ya sa ba ya rubuta wa yaron amsa. Ya ce ai yana amsawa. Malamai sun ce sallamar da ta zo a rubuce wajibi ne a mayar da ita, ko da baki ko da alƙalami, kuma shi bai taɓa barin ta ta kwana ba. Na ce to ni me ya sa yake rubuto mini. Ya ce saboda ni nakan zauna in yi sallama, ita kuwa ta ɗan'uwana ta mai wucewa ce.

Ban gane ba, sai da ya yi mini bayani. Ya ce ranar da saƙon farko ya zo, ya kasa karanta shi, ya ga baƙaƙe uku ba wasali. Wani ɗalibinsa ne ya ce masa sallama ce, haka masu sauri ke yi. Sai ya tuna manomin da ya ɗauko dami a ka, ya wuce ka a hanya ya jefo maka sallama. Irin wannan ba ka tsayar da shi da doguwar gaisuwa, ka amsa masa ne ya wuce da kayansa. Ya ce yaron da bai sami sararin rubuta sallama cikakkiya ba, ina zai sami na karanta dogon rubutun tsoho? Shi kuma ba zai iya guntule tasa ba. Sai ya zaɓi ya amsa da baki, mala'iku su kai.

Na ce, "Baba, mala'iku ba su kai ba. Shi yana can yana cewa fushi kake da shi. Shi ya sa ba ya zuwa."

Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi haka ba. Ya cire tabarau, ya riƙe shi a hannu. Ya ce fushin me? Na ce na tafiyarsa, na buzun da ya bari. Sai ya ce ya ji zafi a lokacin, ba zai ɓoye ba, amma zafin bai kai ƙarshen wannan shekarar ba. Ya ce da hannu ake cin halal, kuma shi bai haifi ɗa don ya tsare masa buzu ba. Sai kuma ya ƙara da wata magana a hankali, wadda na san ta daɗe a ransa: ya ce shi ma yakan ce a ransa, duk faɗin wayar nan, baƙaƙe uku ne rabonsa.

Tausayinsu ya kama ni, haushinsu ma ya kama ni. Mutum biyu masu kunya iri ɗaya, kowa na tsaye a bayan ƙofarsa yana jiran ɗayan ya buɗe. Na ce wa Baba ya kawo wayar in rubuta masa amsa yanzun nan. Ya hana. Ya ce ba a aron hannu a gaisuwar ɗa da uba, kuma ladan ya kusa kiran salla. Ya tashi ya shiga wanka. Na san halinsa, abin ya yi masa nauyi ne, yana son ya juya shi a ransa tukuna.

Su Baba na fita masallaci na fita bayan gida, wajen bishiyar da sabis ke kamawa, na kira ƙanena. Na gaya masa abin da idona ya gani, ban rage ba ban ƙara ba, har amin ɗin Inna. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Na ji yana jan hanci, ya ce ƙurar siminti ce, na ce ai na sani, siminti ya saba yin haka ranar Juma'a. Ya tambaye ni yadda Baba ke son a rubuta, ya ce in turo masa ya kwafa. Na ƙi. Na ce Baba ya san rubutuna kamar yadda ya san tafiyata, kuma wanda ya sauke Alƙur'ani ba ya bukatar malamar firamare ta koya masa sallama.

Amma ɗan'uwana ba ya jin magana sau ɗaya. Ashe ya je ya nemo wata sallama a intanet, irin ta masana, mai layi a kan wasula da 'yar alamar aini a gaban alaikum, ya manna ya aiko. Bayan sun dawo daga masallaci Baba ya kira ni ya miƙo mini wayar, ya ce in duba masa, ko ta lalace ne. Na duba. Wayar Baba ba ta san waɗannan alamomi ba, duk inda suke sai ta sa ɗan akwati. Sallamar ta fito rabi haruffa rabi akwatuna. Dariya ta ƙwace mini har na zauna a ƙasa. Da na yi masa bayani, shi ma ya murmusa, ya ce da tayil ɗin nasa ya aiko ke nan. Sannan ya ce wannan ba hannunsa ba ne, ya ajiye wayar a gefen buzu, bai mayar da ita aljihu ba.

Na koma wajen bishiya na wanke ƙanena tas. Na ce masa ya bar neman gwaninta, ya rubuta yadda bakinsa ke faɗa.

Saƙon ya iso bayan la'asar, ɗalibai sun fara taruwa a zaure. Baba ya sa aka ce su ɗan jira, abin da ban taɓa gani ba, ya shigo cikin gida da wayar a hannu. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna ya karanta, sannan ya miƙo mini. Ga abin da ke ciki, har yau ina iya ganinsa:

"Asalamu alaikum warahamatullahi wabarakatuhu Baba ina wuni. Nine. Ina neman gafara."

Idon malamar Hausa ya fara aikinsa tun kafin in hana shi. S ɗaya a Assalamu, an haɗe wa da rahama, an cusa wasalin da babu shi, "ni ne" ma an manne ta. Na buɗe baki, na dubi Baba, na rufe. Mutumin da ya gyara wa rabin garin nan karatu bai ga kuskure ko ɗaya ba. Ya karɓi wayarsa, ya amsa da baki tukuna kamar yadda ya saba, amma muryar ba ta fita sosai ba. Sannan ya sa tabarau ya fara dannawa.

Ya daɗe. Babban yatsansa ya fi maɓallin girma, yakan wuce harafin da yake nema sai ya sake zagayowa. Ya goge, ya sake. Inna ta bar abin da take yi ta zo ta tsaya a kansa, tana kallon rubutun da ba ta iya karantawa. Daga zaure ana jin ɗalibai na gyaran murya. Sau biyu ina miƙa hannu, sau biyu yana kawar da wayar. Da ya gama ya ba ni, ba don in gyara ba, don in karanta wa Inna.

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Babu laifi tsakaninmu. Duk sallamarka na amsa. Gero ya kusa nuna. Ka zo gida in sha Allahu."

Inna ta ce a ƙara masa cewa ta ajiye masa kuka da daddawa. Baba ya ce wannan sai ta bari ya zo ta faɗa masa da bakinta. Ya danna aikawa da kansa, ya bi wayar da kallo har ta nuna saƙon ya tafi.

Ba a jima ba ta yi ƙara. Baba ya duba, ya nisanta ta, ya matso da ita, ya miƙo mini. Ƙanena ya rubuta "To Baba insha Allah ranar Laraba", a haɗe, irin wadda abokiyar aikina ke yi wa wa'azi. Na karanta musu. Baba ya tambaya ko Larabar nan mai zuwa, na ce ita. Ya juya ya ce wa Inna a share ɗakin da ke kusa da zaure, a fitar da buhunan da ke ciki. Sannan ya tashi, ya goge idonsa da bakin rawani, ya tafi wurin ɗalibansa da suka gaji da jira.